Karin magana a ƙasan hoto: yaushe take ƙara wa saƙo nauyi, yaushe take rage masa?

Duk wanda ke duba Status na WhatsApp a Gombe ranar Asabar ko Lahadi, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, ya san yadda ake yi: hoton amarya ko na jariri ko na ɗalibi cikin rigar kammala karatu, a ƙasa kuma karin magana guda. Wata ta zauna daram, wata kuma sai an kwana ana kiran waya ana ba da haƙuri a kanta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan, musamman idan saƙon na wani takamaiman mutum ne, ɗan'uwa ko aboki ko miji ko mata.

Mene ne laifin sa karin magana ita kaɗai a ƙasan hoto, ba tare da ƙarin komai ba?

Laifin ba babba ba ne, amma akwai shi. Karin magana gaskiya ce ta kowa da kowa. "Mahaƙurci mawadaci" ta dace da manomin da ya jira damina a Kumo, ta dace da wanda ya fito daga asibiti, ta dace da wanda aka biya shi fansho bayan dogon jira. Saƙon taya murna kuwa aikinsa shi ne ya faɗi abin da ya shafi mutum ɗaya tak. Idan ka sa hoton abokinka ka rubuta karin magana ka tsaya nan, ka faɗi abin da za a iya cirewa a liƙa a ƙasan hoton kowa. Abokin zai gode, amma bai ji kai ne ka yi magana ba.

A baki ba haka ake yi ba. Ka saurari dattijo a zaure yana sasanta 'yan'uwa: sai ya gama jero abin da ya faru, wane ya ce kaza, wance ta yi kaza, sannan ya ɗora karin magana a kai ya rufe. Bayanin da ya gabata shi ne ya ba ta ma'ana, shi ya nuna wa kowa inda ta dosa. A ƙasan hoto mutane kan tsallake bayanin su ajiye karin maganar tsirararta, sai mai karatu ya cike gurbin da abin da ke ransa. Abin da ke ran mai karatu kuwa ba kullum yake alheri ba.

To yaushe take ƙara wa saƙo ƙarfi? A ba ni misali.

A ce autar gidanku ta gama Jami'ar Jihar Gombe, kai kuma Hammanta ne kana so ka sa hotonta. Ga hanyoyi uku da za ka iya rubutawa.

Ta farko: "Hassada ga mai rabo taki ce." Wannan ita aka fi gani, ita ce kuma mafi rauni. Ka lura, a cikinta babu karatun Auta, babu wahalar da ta sha, babu farin cikinka. Wanda ya fi fitowa fili a jimlar shi ne mahassadi, mutumin da babu shi a hoton. Ka ɗauki ranar yarinya ka ba maƙiyi, ko akwai shi ko babu. Goggo da 'yarta ba ta samu gurbin karatu ba za ta karanta, matar Baffa da suka taɓa samun saɓani da Dada, mahaifiyarku, za ta karanta, kowacce ta tambayi kanta ko da ita ake.

Ta biyu: "Bayan wuya sai daɗi. Barka, Auta." Wannan ba ta taɓa kowa ba, sai dai ba ta ce komai ba. Wace wuya? Kowane ɗalibi ya sha wuya.

Ta uku: "Auta ta gama. Tana aji biyu Baba ya rasu, ta ce za ta ajiye karatun ta kama ɗinki, Dada ta hana. Da keken ɗinkin nan ta biya kuɗin rajistar aji uku da aji huɗu. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Allah ya sanya albarka, ya jiƙan Baba."

A ta ukun, kafin mai karatu ya iso ga karin maganar ya riga ya ga dutsen da aka dafa: rasuwar uba, keken ɗinki, kuɗin rajista. Sai karin maganar ta zo ta ɗaga labarin Auta ta haɗa shi da abin da magabata suka sani tun tuni, kamar kana cewa abin da ake faɗa ɗin nan, ga shi ya tabbata a gidanmu. Ba sai ka ƙarasa da "har ya sha romonsa" ba, kowa ya san sauran, hoton rigar ma shi ne romon. Addu'ar da ta biyo baya kuma ta rufe ƙofar fassara, babu wanda zai ce da shi ake.

Abu guda a nan: labarin nata ne. Kafin ka sa maganar kuɗin rajista a idon jama'a, tura mata ta gani. Wata za ta ji daɗi, wata za ta ce, "Hamma, don Allah cire maganar ɗinkin," kuma tana da gaskiya.

Ta yaya zan gane ko karin maganar da na zaɓa za ta zama habaici ba da niyyata ba?

Ka raba mata mutane. Kusan kowace karin magana tana da 'yan wasa a ciki, mutum ko dabba ko kaya, kuma mai karatu zai ɗora kowane ɗaya a kan wani da ya sani. Kafin ka tura, tambayi kanka: a hoton nan, wane ne wane?

Ɗauki "Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko." Idan ka sa hotonka da maigidanka a wurin wani taro ka rubuta haka, kai ne ƙadangaren, ka ƙasƙantar da kanka ka ɗaga shi, ta yi kyau. Idan kuwa hoton abokinka ne da ya samu aiki ta hanyar surukinsa, ka mai da shi ƙadangare a gaban jama'a, ka kuma tona yadda aka yi. Kalmomin ba su canza ba, wanda suka faɗa wa ne ya canza.

Haka "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Zakara ɗaya ne, an san shi, ga hotonsa. Muzuru da shaho fa? Idan an naɗa Kawunka sarautar unguwa alhali ɗan'uwansa ma ya nema, ka riga ka naɗa wa ɗan'uwan nasa muƙamin muzuru, ko ka sani ko ba ka sani ba. Duk karin maganar da ke ɗauke da mahassadi, ko maƙiyi, ko wanda ya rasa, ko wanda ya raina, tana da kujera guda da babu kowa a kai, kuma wani zai zauna. Cikin wannan sahu akwai "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido," da "Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa," da "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama," da kirarin nan na "son kowa, ƙin wanda ya rasa."

Bayan rabon mutane, sai ka gwada abu na biyu: za ka iya faɗin wannan maganar da bakinka a tsakar gida, dangi na zaune, kana kallon mai hoton? Idan ka ji za ka ɗan sassauta murya, ko za ka duba wanda ke kusa tukuna, kar ka rubuta.

Na rubuta rabin karin magana ne kawai. Ai sauran ba ya ciki, ko?

Yana ciki. Karin magana da yawa gaɓa biyu ce, ana faɗin ta farko a bar ta biyu don an san mai sauraro zai ƙarasa a zuciyarsa. Wannan ne daɗin yanke ta, shi ne kuma haɗarinsa.

"Abin nema ya samu" tana da daɗin ji, shi ya sa wani zai sa ta a ƙasan hoton jariri ranar suna, musamman in an daɗe ana jiran haihuwar. Amma ƙarashenta a bakin mutane shi ne "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo," ko kuma ta dā, "matar falke ta haifi jaki." Mai jego da ta san ƙarashen ba za ta ga abin dariya ba. "Komai nisan jifa" ma wasu kan sa ta da nufin cewa abin da aka daɗe ana jira ya zo, alhali "ƙasa zai faɗo" an fi faɗa wa wanda ya daɗe yana ɓarna ko yana gudu, ranar da dubunsa ta cika. Wadda ake nufi a irin wannan wuri ita ce "Komai nisan dare gari zai waye." Farkonsu iri ɗaya, inda suka dosa daban.

Don haka kafin ka yanke, faɗe ta cikakkiya a bakinka tukuna. In ba ka san ƙarashen ba, tambayi wata tsohuwa a gida. Su ne suka fi riƙe wutsiyoyin nan, kuma sau da yawa wutsiyar ce mai cizo.

Ƙawata za ta yi aure bayan ta daɗe ba ta yi ba. Zan iya rubuta "Sannu ba ta hana zuwa"?

Kar ki rubuta. Nufinki alheri ne, amma karin maganar tana nuna jinkirin da yatsa, ƙarashenta ma cewa yake "sai dai a daɗe ba a je ba." Abin da aka yi shekaru ana yi mata gori a kai shi kika ɗauko kika ajiye a ƙasan hoton lallenta, inda dangin ango za su gani. Idan ita da kanta ta rubuta haka a nata hoton, wannan daban, mai abu yana da ikon yi wa kansa. Ke dai faɗi abin da kika sani game da ita, ko da jimla ɗaya ce, ki yi mata addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Mijina ya ƙara aure. Ina so in nuna ban damu ba, na kuma san matsayina. "Da tsohuwar zuma ake magani" ta yi?

Hajiya, maganar gaskiya ce, kuma mutane kan faɗa wa uwargida ita don girmamawa. Matsalar ita ce daga bakin wa ta fito da kuma yaushe. Idan maigidan ne ya sa hotonki ya rubuta haka, ya karrama ki, kodayake shi ma sai ya shirya amsa tambaya a ɗaya ɗakin. Idan ke kika rubuta a makon biki, kowa zai karanta ta a matsayin saƙo ga amarya cewa sabuwar zuma ba ta magani. Abin da kike son nunawa, wato ba ki damu ba, shi ne zai rushe, don wadda ba ta damu ba ba ta aika saƙo.

A irin wannan mako duk abin da kika sa sai an fassara shi, ko da karin maganar noma ce. 'Yan'uwan amarya na dubawa, ƙawayenki na dubawa, masu ɗaukar hoton allo su tura gaba suna nan a shirye. In dole sai kin sa wani abu, addu'a ce kawai ba a iya murɗa ta: "Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kau da fitina." A ganina ma shiru na kwana bakwai ya fi kowace jimla nuna matsayi.

Habaici ai al'adarmu ce. Me ya sa za a ce kar a yi shi a waya?

Al'ada ce, ba musu. Mata sun yi shi a waƙar niƙa da ta daka, an yi shi a sunan da ake raɗa wa zane, direbobi sun rubuta nasu a bayan manyan motoci, yau ga shi a bayan Keke Napep daga Tumfure zuwa Babbar Kasuwa. Yana da amfaninsa: hanya ce ta fitar da abin da ke ci maka rai ba tare da an kai ga cacar baki ba, kuma yana bar wa wanda aka yi dominsa damar ya yi kamar bai ji ba.

Amma habaicin tsakar gida mutum huɗu ko biyar ke ji, dukansu sun san labarin, sun san inda aka dosa. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gaskiya ne, mai zagin ya sani. Abin da karin maganar ba ta ce ba shi ne sauran 'yan kasuwar sun sani. A ce lambobi ɗari uku ne a wayarka suke ganin Status ɗinka, ka rubuta "Inuwar giginya, na nesa ka sha" kana nufin wani abokin kasuwancinka. Yayanka da ka nemi rance wurinsa makon jiya bai samu ya ba ka ba zai gani, mijin Addarka da ke da hali zai gani, shi kuma wanda ka yi dominsa wataƙila bai ko buɗe ba. Ka harbi mutum ɗaya ka sami biyu da ba su ji ba ba su gani ba. WhatsApp zai nuna maka sunayen waɗanda suka duba, amma ba zai nuna maka wanda ya ƙullace ka ba.

Wasu kan ce ai akwai saitin "My contacts except…" da "Only share with…", za su ɓoye wa wanda ba su so ya gani. Idan ka ɓoye wa wanda ka yi dominsa, to me ka yi? Idan kuma shi kaɗai ka bari ya gani, gara ka kira shi. Status yana ɓacewa bayan awa 24, hoton allon da aka ɗauka kuwa ba ya ɓacewa.

A saƙon ta'aziyya fa?

Nan ne wurin da na fi ganin a bar karin magana gaba ɗaya. Mai karanta sanarwar rasuwa abu huɗu yake nema: wa ya rasu, yaushe za a yi jana'iza, a ina, sai addu'a. A fara da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a faɗi suna da dangantaka, a faɗi lokaci da wuri, a ce Allah ya jiƙansa ya ba iyali haƙuri. "Mutuwa rigar kowa" gaskiya ce, dattijo zai iya faɗa a zaman makoki da murya mai taushi, hannunsa a kafaɗar maraya. A rubuce babu muryar, babu hannun, sai ta fito kamar ana cewa ba a kanku aka fara ba.

Bayan an kwana biyu, idan kana so ka tuna mamacin, a nan wata za ta iya shiga, da sharaɗin nan dai na farko: faɗi abin da ya yi tukuna. "Shekara da shekaru duk azumi Malam yana ajiye tulun ruwan sanyi a ƙofar gida don masu wucewa. Jiya mutanen da ba mu taɓa sani ba suka cika layi. Alheri danƙo ne." Wannan yabo ne mai hujja.

A kiyaye abu guda: kar a jingina karin magana ga Alƙur'ani ko Hadisi. "Bayan wuya sai daɗi" ta yi kusa da ma'anar aya ta 5 da ta 6 a Suratul Inshirah, amma ba fassararsu ba ce, maganar Hausawa ce. In aya kake so, kawo ayar yadda take.

Zan iya sa karin magana a saƙon da zan yi wa na gaba da ni, kamar mahaifi ko malami ko suruki?

Za ka iya, amma ka duba inda ta fuskanta. Karin maganar nasiha daga sama take gangarowa. Yaro ba ya ce wa uba "Haƙuri maganin zaman duniya" a bainar jama'a, ko da uban ne ke cikin jarrabawa, don ya zama kamar yana koya masa zama. Wadda ta dace daga ƙasa zuwa sama ita ce wadda ke ba babba gaskiya ko take yaba masa. Misali: "Baba ya hana ni sayar da gonar nan lokacin da na matsa. Bana ita ta ciyar da gidan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ka sa kanka a matsayin yaron, ka ba shi girmansa.

"Kyan ɗa ya gaji ubansa" da "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" suna da kyau a bakin wani yana yabon ɗa da uba tare. In kai ne ɗan kuma kai ka rubuta a hotonka, yabon kai ne. Ta barewar ma tana da kaifi biyu, ana faɗinta in ɗa ya gaji mugun hali, saboda haka kar a bar ta ita kaɗai ba tare da an ambaci abin kirkin da aka gada ba. Ga suruki kuwa, kunya ta fi komai: gaisuwa da addu'a sun isa.

A farko ya kamata ta zo ko a ƙarshe?

Mafi yawan lokuta bayan bayani, kafin addu'a. Akwai ma dalili na na'ura: Instagram yana nuna kusan haruffa 125 na farko ne sannan ya yanke sauran sai an taɓa, Facebook ma yana yanke dogon rubutu ya sa "See more". Idan karin magana ce a gaba, ita kaɗai masu wucewa da sauri za su gani, ka koma matsalar tambaya ta farko. Sa mutumin da abin da ya faru a layin farko. Guda ɗaya kuma ta isa. Uku a jere gasar makaranta ce.

Abokaina da yawa ba Hausa ce harshensu na farko ba. Hakan yana canza wani abu?

A Gombe wannan tambaya ce ta kullum. A guruf ɗin 'yan ajinku ko na wurin aiki akwai Bafulatani, akwai Batangale daga Billiri ko Kaltungo, akwai Tera daga Yamaltu-Deba, akwai Waja daga Balanga, akwai Bolewa. Kusan duka suna jin Hausa sarai, wasu ma sun fi ka iya sarrafa ta a kasuwa. Inda ake samun tangarɗa shi ne karin maganar da ta rataya a kan tsohuwar kalma. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" sai wanda ya san rufin ɗakin ciyawa, "Kifi na ganinka mai jar koma" sai wanda ya san kayan su. Yaran birni da Hausa ce harshen uwarsu ma da yawa ba su san jinka ba yanzu. In saƙon na mutum ɗaya ne, zaɓi wadda ka tabbata zai gane ba tare da ya tambaya ba, don saƙon da sai an yi wa mai shi fassara ya riga ya huce.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne karin maganganun da ke yi wa wata ƙabila ko masu lalura dariya, na makaho da kuturu da gurgu da Bamaguje. Suna da yawa a tsofaffin maganganu, wasu ma da hikima a ciki. Akwai kuma wasan barkwanci na gado, irin na Fulani da Barebari, wanda tsakanin abokai biyu ba laifi ba ne. Amma ƙasan hoto ba tsakanin mutum biyu ba ne. Wanda bai san wasan da ke tsakaninku ba zai karanta, kuma a garin da jama'a suka cakuɗu kamar namu ba a rasa wanda maganar za ta taɓa.

Ina sayar da atamfa da leshi ta waya. Karin magana tana jawo ciniki?

Tana iya ƙawata talla, ba ta maye gurbin farashi. "Gani ya kori ji" a ƙasan bidiyon da kika buɗe zanen a hasken rana ta yi daidai, don ga abin ana gani. "Siyan na gari, mai da kuɗi gida" ta yi idan kin faɗi yadi nawa ne da nawa kike sayarwa. "Araha ba ta ado" kuwa ki bar ta, musamman in yanzu kika gama ciniki da wadda ta nemi ragi ba ku daidaita ba. Za ta san da ita kike, ba kuma za ta dawo ba.

Na sa karin magana da zuciya ɗaya, wani ya ɗauka da shi nake, ya yi fushi. Me zan yi?

Abin da bai kamata ka yi ba shi ne abin da aka fi yi: a sake sa wata. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as" ita ce amsar da ke zuwa baki da sauri, kuma ita ce mafi muni, don ma'anarta ita ce tunda ka tsargu, kai ne mai laifi. Da farko zato yake yi, yanzu ka tabbatar masa, ka kuma kira shi ɓarawon kaza.

Ka goge rubutun tun awa 24 ɗin ba ta cika ba, don barinsa bayan an yi maka magana yana nuna ka tsaya a kai. Kada ka sa sanarwar "ni ba da kowa nake ba", wannan tana jawo waɗanda ba su lura ba su fara tambayar me ya faru. Sannan ka kira shi, in kuma babba ne ka taka ka je, zumunta a ƙafa take. Faɗa masa abin da ya sa ka rubuta, dalla-dalla: "Adda, wallahi maganar sakamakon jarrabawar Auta nake yi, ban tuna da zancenmu na ranar nan ba sai da aka gaya min. Ki yi haƙuri." Ambaton ainihin dalilin shi ke wanke ka, rantsuwa ita kaɗai ba ta yi.

In kuwa ka san a ranka da shi ɗin kake, kar ka rantse. Ka ce masa akwai abin da ke damunka, ka faɗe shi a fili ku yi magana, ko ku sa wani babba a gida ya zauna da ku.